Malam ya ce rahotonmu ba ya karantuwa, alhali ni ina ganin rubutun raɗau

Sakatariya_Haɗeja:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin kan kwamfuta ku taimaka min. Ni ce nake haɗa rahoton shekara na ƙungiyarmu ta adashe da bashin noma, shafi 24 ne, da Hausa, a Word na yi shi na mayar PDF na tura wa 'yan kwamiti. To a cikin kwamitin akwai wani dattijo malamin makaranta da ba ya gani, da manhajar nan mai karanta musu allo yake aiki. Jiya ya kira ni ya ce 'yata wannan abu da kika turo ai tuwo da miya aka cakuɗa, wai yana jin rabin jimla sai ta faɗa cikin wata jimlar daban, ba ya iya tsallakawa zuwa babin kuɗi sai ya saurara tun daga fari, giraf ɗin da na sha wahala a kai kuma bai ma san da shi ba. Ni kuma wallahi na buɗe ina ganin komai tsaf. Mene ne na yi ba daidai ba? Ranar Asabar za a yi zama.

Alhajin_Kanti:
Wa alaikumus salam. Ki cire fasuwod ɗin kawai, ni ma an taɓa turo min irinsa ya ƙi buɗuwa.

Sakatariya_Haɗeja:
Alhaji ba fasuwod a jiki, yana buɗuwa, karatun ne yake fitowa a hargitse.

Yaron_Kafe:
Aunty ki ƙara girman rubutun zuwa 18 ki yi masa kauri, in ya ƙi ki yi masa OCR, wato ki sa manhaja ta mayar da hoton rubutu ya zama haruffa. Mu a shagonmu haka muke yi.

KunneYaGirmiKaka:
Yaron_Kafe ko ka kai shi 72 ni dai ba abin da zan gani 😄 Ni makaho ne, manhajar karanta allo ta NVDA nake amfani da ita shekara da shekaru, kuma abin da wannan dattijo ya faɗa na san shi kamar yunwar cikina. Bari in gaya muku yadda muke karatu don ku gane inda gizo ke saƙar. Ku masu ido in kun buɗe rahoto ba kwa karanta shi daga bismillah har ƙarshe, kuna wurga ido ne ku ga manyan kanu ku sauka inda kuke so. Mu ma haka muke yi amma da kibod. In na danna `H` sai ta kai ni kan magana na gaba, in danna `2` ta kai ni ƙaramin kai mai mataki na biyu, `G` hoto, `T` tebur. In fayil ɗin an gina shi da kyau, cikin minti ɗaya na san babi nawa ne kuma ina babin kuɗi yake. In ba a gina ba, ina danna `H` sai in ji `no next heading`, shike nan, sai dai in zauna in sha shafi 24 kamar mai sauraron wasan kwaikwayo a rediyo.

Ƙanwata ki buɗe fayil ɗin a Acrobat Reader, na kyautan ma ya isa, ki danna `Ctrl+D`, ki duba can ƙasa akwai wurin da aka rubuta `Tagged PDF`. Ki faɗa mana abin da ke gabansa.

Sakatariya_Haɗeja:
Malam na duba, `Tagged PDF: No` aka rubuta. Kuma ku yi haƙuri ban san ko kalmar makaho ta dace ba shi ya sa na kewaye.

KunneYaGirmiKaka:
Ni dai ba ta dame ni ba, wasu sun fi son a ce masu larurar gani, ki kira kowa da abin da yake so. Wannan `No` ɗin shi ya fi damuna.

Anti_Bilki:
To ai an kama ɓarawon tun a bakin ƙofa. Ni aikina ke nan, shirya littattafai da rahotanni kafin a fitar da su. Sakatariya in tambaye ki, da za ki mayar da shi PDF, `Print` kika shiga kika zaɓi `Microsoft Print to PDF` ko?

Sakatariya_Haɗeja:
Eh Anti haka aka koya min tun ina koyon taifin.

Anti_Bilki:
Shi ne. Ita firinta ba ruwanta da wannan kan magana ne wancan sakin layi ne, abin da ta sani kawai a ɗiga wannan harafi a nan, wancan a can. In kin bi ta wannan hanya fayil ɗin yana fitowa da fuska amma babu ƙashi. Ƙashin shi ne tag, wani tsari ne a ɓoye bayan shafin da ido ba ya gani, yana cewa wannan babban kai ne, wannan sakin layi, wannan hoto ga bayaninsa, kuma wannan yana zuwa kafin wancan. Ba sabon abu ba ne ma, tun 2001 aka shigo da shi cikin PDF, mutane ne ba su damu ba.

In babu tag, Acrobat sai ya yi ƙoƙarin cankar tsarin da kansa, har yakan fito da wani akwati `Reading Untagged Document` yana tambayar yadda zai bi shafin. Shafi mai kolum biyu kuwa in aka bi shi daga hagu zuwa dama layi-layi, layin farko na kolum ɗin hagu zai manne da layin farko na na dama. Tuwo da miyar da dattijo ya ji ke nan.

Ki koma fayil ɗin Word ɗin, kar ki taɓa PDF ɗin. `File` sai `Save As`, ki zaɓi PDF, kafin ki adana ki shiga `Options` ki tabbata akwai alama a kan `Document structure tags for accessibility`. Amma kar ki yi murna tukuna, wannan ƙofar kawai ya buɗe.

Yaron_Kafe:
To ai OCR ɗin da na faɗa ma yana gyarawa.

Anti_Bilki:
Ƙanena OCR na takardar da aka yi wa sikan ne, wadda duk shafin hoto ne babu harafi ko ɗaya a ciki. Nata rubutu ne na gaske tunda har dattijon yana jin kalmomi. Gwajin mai sauƙi ne, in kana iya jan maus ka zaɓi kalma ɗaya ka kwafe ta, ba OCR take buƙata ba.

Malama_Rabi:
Yauwa tunda an zo nan bari in sako tawa. Ina da ɗalibi makaho a aji biyu, handawut ɗina tsoho ne na takarda, na ɗauka da waya na tura masa PDF ya ce min shiru kawai yake ji kamar shafin ba komai. Ni ce ke nan mai buƙatar OCR?

KunneYaGirmiKaka:
Ke ce Malama. Amma in da Hausa ne sai kin bi shi da ido bayan an yi, don na sha samun wanda duk ƙugiyoyin sun zube ko sun koma wani harafi daban, ƙasa ta zama kasa, ɓarna ta zama barna. In shafukan ba su da yawa wallahi sake bugawa ya fi sauri.

Sakatariya_Haɗeja:
Anti na yi, yanzu ya koma `Yes` 🎉 Na sauke NVDA ɗin ma tunda kyauta ce, na gwada da kaina, amma ina danna `H` har yanzu `no next heading` take ce min. Alhali kanun suna nan manya-manya da kauri har da launin kore.

Anti_Bilki:
Na faɗa miki kar ki yi murna. Yaya kika yi kanun, zaɓar layin kika yi kika danna `B` kika ƙara girma ko? To a wurin Word wannan sakin layi ne da ya ci ya ƙoshi, ba kai ba ne. Sai kin gaya masa da bakinki. Ki sa maus a kan layin, a `Home` wajen `Styles` ki danna `Heading 1` in babban babi ne, `Heading 2` in reshe ne a ƙarƙashinsa. Da kibod `Ctrl+Alt+1` da `Ctrl+Alt+2`, ya fi sauri. Na san abin da za ki ce, zai canza miki launi ya ɓata kwalliyar. Ki fara zaɓar kan da kika riga kika ƙawata, ki danna maus na dama a kan `Heading 1` ɗin ki zaɓi `Update Heading 1 to Match Selection`, daga nan duk wanda kika ba wannan matsayi zai ɗauki korenki da girmanki.

Abin da mutane ke kuskurewa shi ne suna zaɓar lamba saboda girman rubutu. Su ga `Heading 3` ya fi musu kyau a ido sai su sa shi kai tsaye bayan `Heading 1`. Lambar matsayi ce, kamar hakimi da dagaci da mai unguwa. Mai saurare in ya ji an sauko daga 1 zuwa 3 zai ɗauka ya tsallake wani abu ya koma nema. Ki turo min jerin babobinki.

Sakatariya_Haɗeja:
Gabatarwa, sai Mambobi, sai Harkar kuɗi wanda a cikinsa akwai Bashin da aka bayar da Bashin da aka biya da Ragowar asusu, sai Matsaloli, sai Shirin baɗi.

Anti_Bilki:
To ga yadda ya kamata babin kuɗin ya zauna a bayan fage in an gama:

```
<H1> Harkar kuɗi
<P>
<H2> Bashin da aka bayar
<P>
<H2> Bashin da aka biya
<P>
<Figure>
<P>
<H2> Ragowar asusu
<Table>
```

Manyan kanu 5, ƙanana 3 a ƙarƙashin na uku. Kafin ki fitar, ki shiga `View` ki kunna `Navigation Pane`, abin da kika gani a jere a gefen hagu shi dattijo zai samu. In kin ga layi fanko a jerin to kin ba wa wani `Enter` na banza matsayin kai, ki cire.

Ɗan_Damagaram:
Sannunku da aiki. Mu nan ofishinmu LibreOffice muke amfani da shi saboda ba kuɗin lasisi, kuma abin duk ɗaya ne, wajen fitar da PDF akwai zaɓin tag, har da na PDF/UA, ma'aunin PDF da masu larura za su iya karantawa, a sababbin fitowa. Sai dai ni ina da ja a kan tsarin Anti. Ni yadda aka koya min sunan rahoton ne kaɗai `H1`, babobi su zama `H2`, rassa `H3`. Guda ɗaya tal a fayil.

Anti_Bilki:
Akwai masu yin haka da yawa, kuma ba laifi ba ne, musamman takarda gajera. Ni a rahoto mai babobi na fi son kowane babi ya zama 1. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne tsallake mataki ko cakuɗa salon biyu a fayil ɗaya.

KunneYaGirmiKaka:
A kunnena duk biyun suna tafiya. Ku dai ba ni kanu, ku ci gaba da musunku.

Tsohon_Taifis:
Ni tambayata daban ce. Yarinya da wane font kika buga ƙugiyoyin? Don mu da muka fara buga Hausa a kwamfuta kafin a samu yadda ake yi yanzu, akwai font na musamman da muke sakawa, ka danna `}` ya fito maka da ƙ a allo, ka danna `]` ya ba ka ɗ, `~` ya ba ka ɓ. A takarda ba ka da abin cewa. Amma a cikin cikinsa ba ƙ ba ce, baka ce kawai aka yi wa riga. Har yau akwai ofisoshi da biznes santa da ke amfani da su. Ki kwafi layi ɗaya daga PDF ɗin ki liƙa a Notepad ki gani.

Sakatariya_Haɗeja:
Innalillahi. Baba ga abin da ya fito: `}ungiyar ta bayar da bashi ga mutum ]ari da ashirin a ~angaren shinkafa`. Font ɗin na gaje shi ne a kwamfutar ofis.

KunneYaGirmiKaka:
Hahaha Baba ka tono tsohon ciwo. Irin wannan ko dai manhajar ta yi ta kiran sunan baka a tsakiyar kalma, ko ta haɗiye shi ka ji ungiyar, ari, angaren, ya danganta da yadda mutum ya saita ta. Kuma ka nemi kalmar ƙungiya a fayil ɗin ba za ka samu ko ɗaya ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ko da harafin gaskiya ne muryar da nake amfani da ita ta Turanci ce, Hausar tana fitowa kamar bakin Bature sabon zuwa, mun dai saba ne. Amma aƙalla harafin yana nan, in na bi kalmar ɗaya bayan ɗaya zan san me aka rubuta.

Tsohon_Taifis:
Maganin ba wuya. `Ctrl+H`, a sama ki sa `}` a ƙasa ki sa ƙ ta gaskiya, `Replace All`, haka ɗ da ɓ, kar ki manta manyan baƙaƙen su ma suna da nasu alamomin. In kibod ɗinki ba ya ba ki, a Word ki rubuta `0199` ki danna `Alt+X` zai koma ƙ, `0257` ɗ, `0253` ɓ. Sannan ki canza font zuwa wanda ke da haruffan. Ki lura kawai in akwai wurin da kika yi amfani da bakan gaske kar ya tafi da shi.

Ɗan_Damagaram:
Mu sai ku ƙara mana ƴ, `01B4`, tunda mu ba ma rubuta 'y irin taku.

Alhajin_Kanti:
Ni fa duk wannan wahala, ba gara a kira dattijon a waya a karanta masa ba? Minti talatin an gama.

KunneYaGirmiKaka:
Alhaji rahoton kuɗi ne fa kuma shi ɗan kwamiti ne. In a wajen zama aka yi gardama a kan lamba ɗaya kowa zai buɗe shafi ya duba, shi kuma ya ce a tsaya a kira masa mai karatu? Kuma mai karanta maka yana tsallake abin da shi yake ganin ba muhimmi ba ne, ba da mugunta ba.

Sakatariya_Haɗeja:
Kanu sun zauna, ƙugiyoyi sun zauna, Allah ya saka Baba. Saura giraf. Na danna maus na dama na shiga `Edit Alt Text` na rubuta "Giraf na biyan bashi". Ya isa?

Anti_Bilki:
A wasu fitowar Word `View Alt Text` ake kiransa, ga masu nema. Bai isa ba ƙanwata, kin gaya masa akwai kwano ne ba ki buɗe ba. Me giraf ɗin yake nunawa?

Sakatariya_Haɗeja:
Sanduna huɗu ne, yawan mambobin da suka gama biyan bashi a kan lokaci. 2020 mutum 62, 2021 mutum 80, 2022 ya faɗo 41 saboda ambaliyar da ta cinye gonaki, 2023 ya tashi 95. A ƙasansa akwai rubutu "Hoto na 2: Biyan bashi, 2020 zuwa 2023".

Anti_Bilki:
To ki rubuta kamar haka: "Giraf mai sanduna. Mambobin da suka biya bashi a kan lokaci: 62 a 2020, 80 a 2021, 41 a 2022, 95 a 2023. A 2022 ne kaɗai adadin ya sauka." Kin ga ban maimaita rubutun ƙasan ba don shi zai ji shi dama. Ban sa ambaliya ba don ba ta cikin hoton, wurinta cikin sakin layi inda kowa zai karanta. Ban kuma ce sandunan kore ne ba don launin ba ya ɗauke da wata ma'ana a nan. Da lambobin sun kai ashirin ba zan cusa su a nan ba, sai in yi tebur na gaske a ƙasa in bar bayanin hoton ya faɗi inda abin ya dosa kawai, don a tebur mutum yana iya yawo gida-gida, a bayanin hoto kuwa yawanci a dunƙule ake jin sa.

Zanen furanni da layukan ado kuma ki sa musu `Mark as decorative`, manhajar za ta wuce su ba tare da ta ce uffan ba.

Malama_Rabi:
Anti ni a nan ban yarda gaba ɗaya ba. Hoton taron mambobi fa? In aka ce ado ne an hana shi sanin cewa akwai hoton. Ɗalibina yana son a gaya masa har kalar kaya.

KunneYaGirmiKaka:
Mu ma ba bakinmu ɗaya ba a kan wannan. Wanda ya taɓa gani kafin idon ya tafi sau da yawa yana son launi da fuska, ni kuma in ina neman lamba ba na son a tsare ni da labarin atamfa. Hoton taro ba ado ba ne, a ba shi jimla ɗaya, su waye, a ina, me suke yi. Tambarin ƙungiya kuma sau ɗaya ya isa, ba sai na ji shi sau 24 ba.

Sakatariya_Haɗeja:
Wata sabuwa. Na fitar na saurara da kunnena ido a rufe. Komai lafiya har shafi na 9, a nan sai ta karanta kan babin, ta tsallake ta karanta kolum na dama, ta karanta wani ɗan akwatin sanarwa da ke gefe, sannan ta dawo kolum na hagu. `Check Accessibility` na Word bai nuna min cewa jerin ya juye ba.

Yaron_Kafe:
Wannan kam na sani. A Acrobat Pro akwai `Order`, zai nuna miki lambobi 1, 2, 3 a kan shafin, ki ja su su jeru daidai, an gama. Mun taɓa yi wa wani mai furojet.

Anti_Bilki:
Ka kusa, amma a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Jeri biyu ne a cikin fayil ɗin ba ɗaya ba. Na `Order` jerin yadda aka shimfiɗa abubuwa ne a shafi, shi `Reflow` mai sake jera rubutu ya dace da allo ke bi. NVDA da JAWS kuwa jerin da ke `Tags` suke bi daga sama zuwa ƙasa. Za ka iya ganin lambobinka sun jeru tsaf a can amma tag ɗin suna a hargitse, don haka a `Tags` ake tabbatarwa, ka sauka da kibiya ɗaya bayan ɗaya kana kallon wurin da ke haskawa a shafin. Kuma ja-in-ja a `Order` yana da haɗari, don abin da ya zo daga baya shi ake ɗorawa a sama, na taɓa matsar da wani akwati mai launi ya hau kan rubutu ya rufe shi ruf. Ka ajiye kwafi kafin ka taɓa.

Amma ita Sakatariya ba ta da Pro kuma ba ta buƙatarsa. Ƙanwata kolum ɗin nan da me kika yi su? Ina zargin `Text Box` biyu kika zana gefe da gefe.

Sakatariya_Haɗeja:
😭 Uku ma, da na sanarwar. Kuma na dama na fara zanawa don a lokacin rubutunsa ne ya fara zuwa hannuna.

Anti_Bilki:
Kin ga amsar da bakinki. Akwatunan nan shawagi suke a saman shafi, ba sa cikin kwararar rubutun, kowanne a ɗaure yake da wani sakin layi ta wata 'yar alama mai kama da ƙugiyar jirgin ruwa, kuma wajen fitarwa ba inda ido ke ganinsu ake bi ba. Ki kwashe rubutun daga ciki, ki liƙa shi a jiki yadda kike son a karanta, na hagu sannan na dama, ki zaɓe shi duka ki shiga `Layout`, `Columns`, `Two`. A ido kusan ba bambanci. Sanarwar ki mayar da ita sakin layi na yau da kullum ki yi mata `Borders` ta yi kama da akwati, ki ajiye ta inda ta dace a maganar. Hotuna ma duka ki sa `Wrap Text` ɗinsu a `In Line with Text`, ta haka giraf zai zo bayan jimlar da ta ambace shi.

Batun ceka kuma, ba laifinsa ba ne sosai. Na'ura tana iya gane hoto ba shi da bayani, amma ba ta san ko labarin ya tafi daidai ba. Shi kansa Acrobat Pro in ka yi cikakken bincike, a gaban `Logical Reading Order` rubuta maka yake `Needs manual check`. Ma'aunin PDF/UA da aka fitar a 2012 akwai jerin gwaji da aka yi masa mai suna Matterhorn, hanyoyin faɗuwa 136 ne a ciki, fiye da 40 sai mutum ya duba da kansa. In kina son gani da ido akwai PAC, kyauta ne a Windows, yana da `Screen reader preview` da ke zubo miki fayil ɗin a jere yadda za a ji shi, kowane yanki da tag ɗinsa.

Ɗan_Damagaram:
PAC ɗin nan ya taɓa ba ni kore a komai alhali bayanin hotunan duk sunan fayil ne irin `IMG_0042.jpg`. Shi dai ya ga an cike gurbin.

KunneYaGirmiKaka:
Bari in jefa wani dutse a rijiyar. Duk abin da muke faɗa a kwamfuta ne da Acrobat Reader. Yawancin 'yan uwana ba su da kwamfuta, waya ce da TalkBack, kuma manhajojin buɗe PDF a waya ba duka ke kula da tag ba, wata za ta karanto maka rubutun amma ba tsalle tsakanin kanu, bayanin hoton ma ba lallai ka ji ba. Shi ya sa ni in an tambaye ni cewa nake a haɗo min da fayil ɗin Word ɗin.

Anti_Bilki:
Gaskiya ne Malam, sai dai rahoton kuɗi ba kowace ƙungiya za ta yarda ta saki wanda ake iya canza lamba a ciki ba.

KunneYaGirmiKaka:
Wanda zai canza lamba ai PDF ba ta hana shi Anti. A tura duka biyun, a ce PDF ita ce ta hukuma.

Tsohon_Taifis:
Ciyaman ne zai yanke wannan ba mu ba.

Sakatariya_Haɗeja:
Na gyara shafi na 9 da na 14, na tura wa dattijo ɗazu bayan la'asar. Da laftof yake karatu ashe, JAWS ce a kai ba NVDA ba. Ya kira ya ce ya shiga babin kuɗi kai tsaye, har ya kama ni da kuskure, wai a sakin layi na rubuta 59 a giraf kuma 95, kuma shi ke da gaskiya, juya lambar na yi. Saura abu ɗaya, ya ce a teburin ragowar asusu yana jin lambobi amma ba ya jin sunan kolum ɗin da suke ƙarƙashinsa. Layin saman na haɗe gidaje biyu-biyu ne don ya yi kyau.

Anti_Bilki:
Ki raba haɗaɗɗun gidajen kowane kolum ya samu sunansa shi kaɗai a layi ɗaya, ki zaɓi layin ki danna `Repeat Header Rows`, ki sake fitarwa. In bai yi ba ki turo min hoton teburin in gani, kolum nawa ne?

Sakatariya_Haɗeja:
Shida. An ɗauke wuta kuma cajin laftof saura kaɗan, sai da safe in Allah ya kai mu.

Malama_Rabi:
Ni har yanzu ba wanda ya gaya min yadda zan yi da lissafin da ke cikin handawut ɗina, akwai alamomin da ko a kibod babu su.